Kafin ki tura wa Yaya wannan saƙon

Tambaya: Ni ce nake jinyar mahaifiyarmu a Kano, tana fama da hawan jini da ciwon suga. Yayana da ke Abuja ya daina turo nasa kason na kuɗin magani. Na rubuta masa saƙo, ƙawata ta ce akwai baƙar magana a ciki, ni kuwa ban ga zagi ko ɗaya ba. Ga shi: "Assalamu alaikum Yaya. Na san kana da hidimomi da yawa, shi ya sa ba ka samun lokacin Umma. Wata uku ke nan an bar ni da ɗawainiyar maganinta ni kaɗai, ko ɗan kira ba a yi. Ba gori nake yi ba, amma ni ce na sayar da 'yan kunnena lokacin da aka kwantar da ita. Kullum sai ta tambaye ni kai, ni dai ban san me zan ce mata ba. Idan zuwa Juma'a ban ji daga gare ka ba, zan sanar da Kawu, kuma ba zan sake damunka ba. Duk abin da ya same ta dai na fita haƙƙinka. Ba komai, Allah yana gani." In tura?

Amsa:

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba Umma lafiya. Kada ki tura tukuna. Ƙawarki ta yi gaskiya, ke ma kin yi gaskiya: babu zagi a ciki, amma ba zagi kaɗai ke ɓata saƙo ba. A zaman sulhun da nake yi tsakanin dangi, saƙonnin da suka fi raba 'yan'uwa yawancinsu da sallama suka fara, da addu'a suka ƙare. Wanda ya rubuta yana iya rantsuwa cewa bai faɗi komai ba, wanda ya karanta kuma ya kwana bai yi barci ba.

Ƙorafinki yana da tushe, ba shi nake so ki janye ba. Abin da nake so ki fara tantancewa shi ne wannan: bayan Yaya ya gama karantawa, me kike so ya yi da hannunsa? Idan na fahimce ki, abu biyu ne: ya turo kuɗin magani kafin wanda ke hannu ya ƙare, kuma ya riƙa kiran Umma. To duba saƙon da kyau. Babu inda kika roƙi ko ɗaya daga cikinsu. Ba ki faɗi nawa ne kuɗin ba, ba ki faɗi ranar da magani zai ƙare ba. Abin da kika nema kawai shi ne ki "ji daga gare shi", kuma za ki ji, sai dai ba abin da kike so ba.

Ga yadda nake sa mutane su duba rubutunsu. Ki cire shi daga akwatin WhatsApp, don a can ɗan yatsa yana iya riga hankali, ki kwafe shi a takarda. Kowace jimla ki ba ta layinta. A gefen kowane layi ki rubuta amsar da kike ganin Yaya zai bayar, da irin maganarsa, ba amsar da kike fata ba. Idan amsar ita ce "ai ba haka aka yi ba", to akwai zargi a layin. Idan ita ce "je ki yi abin da za ki yi", akwai barazana. Idan kuwa babu abin da zai iya cewa sai ya sunkuyar da kai ko ya kashe waya, to layin an gina shi ne don ya ji kunya. Layin da ya tsira shi ne wanda za a iya amsa shi da "to", ko "a'a", ko "ga abin da zan iya". Aikin kamar tsintar tsakuwa ne a shinkafa: ba a zubar da shinkafar, kuma ba a yin sa a tsaye cikin gaggawa.

Mu fara da layin da kike ganin ya fi kowanne ladabi, wanda kika ce kin san yana da hidimomi. A ido uzuri kika yi masa. Amma rabin jimlar na biyu hukunci ne da kika riga kika yanke: ba ya samun lokacin mahaifiyarsa. Kin ba shi uzuri a kan laifin da bai amsa ba tukuna, kuma in ya karɓi uzurin ya karɓi laifin ke nan. Sannan "na san" ɗin nan, kin sani da gaske? Mai yiwuwa hidima ce, mai yiwuwa albashi ne ya tsaya, ko bashi ya yi masa katutu yana jin nauyin faɗa wa ƙanwarsa, ko kuma sakaci ne tsagwaronsa. Ke ba ki da tabbas, ni ma haka. Duk jimlar da ta faɗa wa mutum abin da ke ransa ko dalilin da ya sa ya yi abu, ki ja mata layi. A madadinta tambaya ake yi, tambaya ta gaskiya wadda ba ki san amsarta ba: "Na ji ka shiru kwana biyu, ina fatan dai lafiya?" A kula, "wai har yanzu kana tuna kana da uwa?" ba tambaya ba ce, ko da an sa mata alamar tambaya.

Layi na biyu shi ne inda al'adarmu ta habaici ta shigo. "An bar ni", "ba a yi". Wa ya bari? Wa bai yi ba? Ku biyu ne a cikin hirar, ya san da shi ake. Mu mata mun iya wannan salon, maza ma ba a bar su a baya ba, kuma muna ɗaukarsa a matsayin kunya da kawaici, tunda ba a kama sunan babba ba. Amma ki duba matsayin da yake jefa mai karatu. In ya kare kansa, a ce ai ba a ambaci sunansa ba, shi ya tsargu. In ya yi shiru, ya amsa. An soke shi kuma an toshe masa hanyar cewa an soke shi, wannan ne ya sa habaici ya fi magana kai tsaye ciwo. Cewa "kuɗin da ka saba turowa bai shigo ba tun watan kaza" ya fi "an bar ni" sauƙin haɗiya nesa ba kusa ba, duk da cewa shi ne ya ambace shi ƙarara.

A layin nan kuma akwai kalmomin da nake kira masu share fage: "ni kaɗai", "ko ɗan kira". Danginsu su ne "kullum", "ko sau ɗaya", "tunda nake da kai", "ba ka taɓa". Kafin ki bar irinsu a saƙo, ki bincika. Ɗauki wayar Umma ki duba kiran da ya shigo mata. Ba mamaki ki tarar ya kira ta sau ɗaya ko biyu kina kasuwa. Idan haka ne, kin miƙa masa abin da zai riƙe: zai turo miki hoton kiran, gardama ta koma kan ko ya kira ko bai kira ba, maganar magani ta bi ruwa. Mutumin da aka zarga da abu goma, tara gaskiya ɗaya kuskure, kan kuskuren nan zai tare. John Gottman, masanin halayyar ɗan Adam da ya daɗe yana nazarin ma'aurata a Jami'ar Washington da ke Seattle, ya bambanta ƙorafi da suka: ƙorafi yana magana a kan abu guda da ya faru, suka kuwa tana magana a kan halin mutum gaba ɗaya, kuma abin da ke biyo bayan suka shi ne kare kai. A wani bincikensa na 1999 ya nuna cewa yadda ma'aurata suka buɗe zancen saɓani a minti ukun farko yana nuna inda aurensu zai dosa. Kan miji da mata ya yi aikin, ba kan wa da ƙanwa ba, amma abin da nake gani a tsakanin 'yan'uwa bai saɓa da shi ba: layi biyun farko su ke yanke ko za a karanta sauran da zuciya buɗe.

Yanzu 'yan kunne. Duk inda kika ga kin rubuta "ba gori nake yi ba, amma", ko "ba wai ina zarginka ba ne, amma", ko "kada ka ji haushi, amma", to zuciyarki ta riga ta gaya miki abin da ke biye. Mai karatu yana tsallake duk abin da ya zo kafin "amma". Abin da kika yi wa Umma alheri ne babba, kuma kin san ayar Suratul Baƙara, ta 264, da ta hana mu ɓata sadakarmu da gori da cutarwa. Ba wa'azi zan yi miki ba, ta fuskar aiki zan duba shi. Ki tambayi kanki: kuɗin 'yan kunnen nan, bashi ne da nake so a raba tsakaninmu, ko kyauta ce na yi wa mahaifiyata? Idan bashi ne, haƙƙinki ne ki nema, amma a matsayin lissafi: an kashe kaza a asibiti, ga rasit, ina ganin a raba shi kaza. Kuma ba a wannan saƙon ba, don buƙata biyu a saƙo ɗaya suna cin juna. Idan kyauta ce, ba ta da gurbi a nan sam, domin aikinta ɗaya ne a jimlar: ta auna ki da shi, ki fito sama. Akwai dai gaskiya guda a ƙarƙashinta da yake buƙatar sani, wato abin hannunki ya ƙare. Wannan ki faɗe shi haka, ba tare da tarihin yadda ya ƙare ba.

Layin da kika ce Umma tana tambayarsa ya fi wuyar hukunci, zan ɗan daɗe a kansa. Labari ne na gaskiya, kuma ya kamata ɗa ya san mahaifiyarsa tana cigiyarsa. Ba za a ce ki ɓoye ba. Matsalar tana wutsiyar jimlar, inda kika ce ba ki san me za ki ce mata ba. Da wannan kin zana masa hoto: tsohuwa a kwance tana jira, ƙanwa tana rufa masa asiri, shi kuma yana can. An ɗauki kewar uwa an mai da ita sanda. Sannan ki tuna ba da yawun Umma kika rubuta ba. Iyaye mata da yawa, in suka ji an yi amfani da sunansu an ƙuntata wa ɗansu, ɗan za su kare, ke kuma a ce kin haɗa faɗa.

Na san dalilin da ya sa ake yin haka: yana aiki. Ka sa mutum ya ji kunya, sau da yawa kuɗi zai shigo kafin magariba. Sai dai ki lura da abin da ke biyo baya. Wanda ya biya don a daina sa shi jin laifi, ya koyi cewa sunanki a fuskar wayarsa yana nufin ɗaci. Wata mai zuwa zai jinkirta buɗe saƙonki, ke kuma ki ƙara yaji don ya buɗe, haka har a kai inda zai riƙa turo kuɗi ta hannun wani ba tare da gaisuwa ba. Hawan jini da suga ba ciwon mako guda ba ne, jinyar shekaru ce. Kina buƙatar mutumin nan a wata na ashirin kamar yadda kike buƙatarsa a na huɗu. Don haka labarin cigiyar ki ba shi ƙofa: "Umma tana cigiyarka, ta fi sakewa bayan la'asar in ka samu dama." Gaskiyar ba ta ragu ba, amma yanzu akwai abin da zai yi da ita.

Sai wa'adin Juma'a. A nan mutane kan ruɗe, su ɗauka duk sanya rana barazana ce, duk faɗin abin da za ka yi tsoratarwa ce. Ba haka ba ne. Kina da ikon sa iyaka, har ma wajibi ne. Abin dubawa shi ne daga ina ranar ta fito. Idan ƙwayoyin da suka rage za su ƙare ran Asabar ne, to Juma'a ta fito daga kwalin magani, kuma in kin faɗi haka babu mai jin an tsare shi. Idan kuwa Juma'ar daga zuciya ta fito, don kawai ya ji wuta, zai gane, kuma babba ba ya son ƙaramarsa ta sa masa agogo. Je ki ƙirga ƙwayoyin, ki rubuta ranar gaskiya.

Bayan rana, sai abin da kika ce zai biyo baya. Ki auna shi da tambayar nan: matakin da zan ɗauka, matsalar Umma yake warwarewa ko Yaya yake hukuntawa? "In bai samu ba, zan karɓi maganin bashi a kemis, mu san yadda za mu biya" mataki ne na warware matsala. "Zan sanar da Kawu" a yadda kika rubuta shi, ma'anarsa zan tona maka asiri a dangi. Abin takaicin shi ne shigo da Kawu shawara ce mai kyau. Haka muke yi tun kaka da kakanni, ɗan'uwan uwa yana da bakin da zai tara 'ya'yan 'yar'uwarsa ya raba musu nauyi. Amma da zarar kin ɗaga shi a matsayin bulala, kin ƙona shi. Ranar da Kawun ya kira shi, Yaya ba mai sulhu zai gani ba, zai ga wanda aka kai ƙararsa wurinsa. In kina son Kawu ya shigo, ki kawo shi a matsayin shawarar da ku biyu za ku yanke: "Ko mu zauna da Kawu a tsara yadda za a riƙa yi duk wata?" Ko kuma ki bar shi a aljihu zuwa lokacin da ya zama dole.

"Ba zan sake damunka ba" kuwa, ki tambayi kanki ko za ki iya cikawa. Ba za ki iya ba. In jikin Umma ya tashi da tsakar dare, shi za ki fara kira. Barazanar da ba za a cika ba tana rage wa duk maganarki ta gaba nauyi, wadda za a cika kuma sunanta gaba, kin kuwa san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito da ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku. Ta kowace fuska asara ce. Marshall Rosenberg, Ba'amurken da ya yi suna wajen koyar da sasanta rikici ta hanyar magana, yana da ma'auni mai sauƙi na bambanta roƙo da umarni: duba abin da zai faru in an ce a'a. Idan "a'a" tana jawo hukunci ko fushi ko gori, tun farko ba roƙo ba ne. Ki gwada a kan saƙonki. In Yaya ya ce "wallahi wannan watan ba ni da shi", akwai wurin da amsar nan za ta zauna, ko kin riga kin rufe?

Jimloli biyun ƙarshe su ne na fi so ki goge, ko da za ki ƙi duk sauran shawarata. "Duk abin da ya same ta" mutuwa kike nufi, shi ma ya sani. Kin ɗora masa alhakin abin da bai faru ba, abin da kuma ba a hannun ɗayanku yake ba. Magana ta baki tana dusashewa, a ce ba haka nake nufi ba. Rubutu yana nan a waya da ranarsa da lokacinsa. Idan ta Allah ta kasance, ko bayan shekaru ne, wannan layin zai koma ya karanta, kuma irinsa ne ke sa a zauna zaman makoki wa da ƙanwa ba sa haɗa ido.

"Ba komai, Allah yana gani" kuma ƙanwar "Allah ya isa" ce, ta sa hijabi. Mu Hausawa muna yawan ɓoye mafi zafin maganarmu a cikin ambaton Allah, saboda ba mai iya musa ta. "Na bar ka da Allah." "Allah ya saka wa kowa da abin da ya yi." "Akwai ranar hisabi." Gwajin da nake bayarwa a nan gajere ne: addu'ar da za ki rufe saƙo da ita, zai iya cewa amin da zuciya ɗaya? "Allah ya ba Umma lafiya, ya buɗa mana baki ɗaya", zai ce amin. In addu'ar sai ya yi jim kafin ya amsa, to a kansa aka yi ta, ba a yi masa ba. Karin magana ma haka. Duk wanda ya zo miki a baki lokacin da rai ke ɓace, irin na "in ka ga gemun ɗan'uwanka" ko na ranar wanka da cibi, ki bar shi a bakin.

To me ya rage? Bari in sa lambobi na misali, ke ki musanya da na gaskiya. A ce maganin wata naira 45,000 ne, kuma da kun saba shi yana ba da 30,000 ke kina cika 15,000.

"Assalamu alaikum Yaya, ina wuni, ya iyali? Na ji ka shiru kwana biyu, ina fatan lafiya. Maganar maganin Umma ce. Na wata yana kamawa 45,000. Dubu talatin ɗin da ka saba turowa ba ta shigo ba wata uku, ni na cike, yanzu kuma abin hannuna ya ƙare, gaskiya nauyin ya fi ƙarfina. Wanda ya rage zai kai ta ran Asabar. Za ka iya turo na wannan watan kafin Juma'a? In akwai matsi a wajenka ka faɗa min abin da zai samu, sai mu san dabarar da za mu yi. Umma tana cigiyarka, ta fi sakewa bayan la'asar. Allah ya ba ta lafiya, ya buɗa mana."

Ki lura wannan bai fi naki laushi ba ta wajen gaskiya, ya ma fi shi tsauri. Ya ambaci kuɗi, ya ambaci wata uku, ya ce "ka", ya sa rana. Na faɗi haka ne don akwai kuskure na biyu da masu gyara saƙo ke faɗawa: su yi ta sharewa har buƙatar ta ɓace, ya zama "yi haƙuri na dame ka, dama ba wani abu ba ne, in ba hali ba komai." Wannan ba gyara ba ne. Zai karanta ya ɗauka da gaske ba komai, ke kuma ki ƙara cika, saƙo na gaba ya fi na farko dafi. Gajiyarki ma tana da wuri, shi ya sa na bar "nauyin ya fi ƙarfina". Abin kiyayewa shi ne jimlar ta tsaya a kanki. "Na gaji" naki ne, ba mai musa miki. "Ina jin kamar ba ka damu da mu ba" ya fara da ke, amma a kansa ya sauka, zargi ne da aka canza wa riga.

Bashin wata ukun da ya wuce, da gangan ban nema ba. Ki bari na wannan watan ya shigo, murya ta daidaita, sannan ki tayar da shi, zai fi kyau ta waya.

Idan kin gama gyara, kada ki tura a daren. Ki kwana, da safe ki karanta shi a bayyane, amma ba da muryarki ba. Ki karanta da muryar da Yaya zai ji in ya buɗe shi a gajiye, a cunkoson mota, yana da nasa ɓacin ran. Dalili shi ne ke kina jin sautinki a kai lokacin da kike rubutu, shi kuwa baƙaƙe kawai zai gani. Justin Kruger da Nicholas Epley da abokan aikinsu sun gwada wannan a binciken da suka wallafa a 2005: masu tura saƙon imel sun yi ta zaton za a gane inda suke gatse da inda suke da gaske, amma masu karɓa ba su fi mai canki-canka da yawa ba. Saboda haka "na gode" bayan ƙorafi, ko "hmm", ko ɗigo uku a ƙarshen jimla, duk suna iya zama gatse a idon wanda ya riga ya tsargu. Ki cire su.

Ƙawarki ta yi miki amfani, ki sake ba ta. Amma kada ki tambaye ta ko kina da gaskiya, don za ta ce e. Ki ce mata: "In ke ce shi, wane layi ne zai tsaya miki a wuya?" Sannan ki ɗauka cewa ba shi kaɗai zai karanta ba. Matarsa tana iya gani, yana iya tura wa Kawun da kansa. Duk layin da ba za ki so a karanto shi a gaban dangi kina zaune ba, bai kamata ya tafi ba. Kada kuma ki dogara da cewa za ki gyara daga baya. WhatsApp yana ba da minti 15 ne kacal na gyaran saƙo, kuma yana nuna an gyara. In kin goge ma, yana barin alamar cewa an goge wani abu, sau da yawa kuma mutum ya riga ya gani ta saman waya.

Ki tura masa shi kaɗai, ba a zauren dangi ba. Kuma a kwanakin nan ki kiyayi sa wa'azin haƙƙin iyaye ko hoton Umma da kalaman tausayi a sitatus. Zai gani, zai haɗa da saƙon, duk aikin da kika yi a takarda ya rushe. In kin fi son saƙon murya, ba laifi, murya tana ɗauke da taushin da rubutu ba ya da shi, amma ki riƙe takardar a hannu ki tsaya a kanta, domin a minti na biyu ne gori ke dawowa.

Ba zan ce miki saƙo mai tsabta zai sa ya turo kuɗi ba. Yana iya yin shiru. Idan Laraba ta yi ba amsa, ki kira shi. In bai ɗauka ba, layi ɗaya ya isa: "Yaya, ina tuna maka maganin Umma zai ƙare Asabar." Kada ki ƙara "kamar yadda na faɗa", kada ki ce kin ga ya karanta. Maganin hawan jini da na suga ba a yanke su don ana jiran wani, saboda haka ki nemi hanyar da za ki sayo ko na mako biyu ne kafin Asabar ɗin. Bayan haka in shirun ya ci gaba, lokacin Kawu ya yi, sai ki sanar da Yaya tukuna cewa za ki nemi Kawu ya taya ku tsara abin. Saƙon da za ki rubuta wa Kawun shi ma ki bi shi layi-layi a takarda, don a can ne za ki fi jin sha'awar zayyana tarihin 'yan kunne. Kuɗin wata, abin da kike iya bayarwa, giɓin da ya rage, da roƙon ya tara ku: abin da yake buƙata ke nan.